Kumburin sha-raɓa bayan doguwar tafiya ko kwanciyar jinya: gudan jinin da ke tashi daga ƙafa ya sauka a huhu

Motar da ta tashi daga Akra da yamma ba ta shiga Tamale sai gari ya waye. Tazarar ta kai kilomita 600, kuma awa 10 zuwa 12 ake yi a hanya, ta Kumasi da Techiman da Kintampo, a haye gadar Buipe da ta Yapei. Kusan duk wanda ya sauka a tasha ƙafafunsa sun yi nauyi, takalmi ya matse. Wannan kumburin da ya kama ƙafa biyu daidai, ba ya ciwo, yana kuma sacewa bayan an kwana, ruwa ne da ya taru saboda zama, ba abin tayar da hankali ba ne.

Akwai wani kumburin da ba haka yake ba. Ƙafa ɗaya yake kamawa, galibi a sha-raɓa, wato tsokar da ke bayan ƙauri. Yana zuwa da ciwo da ɗumi, kuma maimakon ya sace sai ya riƙa ƙaruwa. Yana iya bayyana a ranar da aka sauka, yana iya ɗaukar mako ɗaya ko biyu. Sau da yawa alama ce ta cewa jini ya daskare a cikin babbar jijiyar da ke can cikin tsoka. Likitocin Gana suna kiran wannan ciwo DVT, a Nijar da Burkina Faso kuma an fi jin sunan filebit. Haɗarinsa shi ne gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, kuma abin da ke sanar da hakan shi ne numfashi ya sarƙe farat ɗaya.

Yadda jini ke daskarewa a ƙafa

Zuciya tana tura jini zuwa ƙafa da ƙarfinta, amma ba ita kaɗai ke dawo da shi ba. Jinin da ke ƙafa hawa yake yi, kuma tsokar sha-raɓa ce ke taimaka masa. Duk takun da mutum ya yi, tsokar tana matse jijiyoyin da ke cikinta ta tura jinin sama, wasu ƙananan marufai da ke cikin jijiyar kuma su hana shi komawa ƙasa. Idan mutum ya zauna awoyi gwiwa a lanƙwashe, bakin kujera yana danne bayan cinya, buhu ko jaka ta cike wurin miƙe ƙafa, wannan famfo ya tsaya. Jini ya kwanta a lungun marufan, kuma jinin da ya kwanta yana saurin yin guda.

Sunan likitan Jamus Rudolf Virchow, wanda ya yi bayanin tafiyar gudan jini daga ƙafa zuwa huhu a tsakiyar ƙarni na 19, shi ake haɗawa da dalilai uku na wannan ciwo: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya ƙara saurin daskarewa. Doguwar tafiya dalili na farko kawai take kawowa. Shi ya sa mota guda za ta sauke mutum 50, 49 su tafi lafiya, ɗaya ya kamu: shi ya shigo da dalili na biyu ko na uku a jikinsa.

An daɗe ana ɗora laifin a kan jirgin sama, amma zaman ne matsalar, ko a ina aka yi shi. A 1940, lokacin da ake ruwan bama-bamai a Landan, likita Keith Simpson ya lura da ƙaruwar mutuwa ta toshewar jijiyar huhu a tsakanin mutanen da ke kwana zaune a kan kujeru a maɓoyar ƙarƙashin ƙasa. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bincikenta kan matafiya: haɗarin yana ninkawa kusan sau biyu idan tafiya ta kai awa 4 ko fiye, a jirgi ne, a mota ko a jirgin ƙasa. Duk da haka adadin ba shi da yawa, kusan mutum 1 cikin 6,000. Binciken ya kuma nuna cewa haɗarin ba ya gushewa da sauka, yana ci gaba kusan makonni huɗu.

A Tamale wannan ya shafi mutane da yawa: 'yan kasuwar Aboabo masu sintiri zuwa Kumasi da Akra, direbobi da yaran mota masu ɗauko albasa daga Nijar su ratso Burkina Faso, waɗanda kan kwana a cikin mota a bakin iyaka, da kuma alhazai. Tun 2016 maniyyatan arewacin Gana suke tashi kai tsaye daga filin jirgin Tamale zuwa Saudiyya. Yawancinsu dattawa ne, kuma bayan zaman jirgi akwai zaman jira da doguwar motar Madina zuwa Makka.

Kwanciya ta fi tafiya haɗari

Tafiya ce aka fi magana a kai, amma yawancin masu wannan ciwo daga gado suke samo shi. Wanda ya kwanta kwana uku ko fiye ba ya tashi, wanda aka yi wa babbar tiyata, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda ya karye aka ɗaure ƙafarsa, duk suna gaban matafiyi a haɗari. A garin da babur ya zama abin hawan kowa, maza da mata, karayar ƙafa ba baƙuwa ba ce, kuma ɗaurin asibiti da na maɗori duk hana ƙafa motsi suke yi.

Mai ciki da mai jego suna da nasu matsayi. Jiki yana ƙara wa jini saurin daskarewa don kare mace daga zubar jini wurin haihuwa, kuma wannan hali yana kaiwa makonni shida bayan an sauka, wato daidai kwanakin arba'in da ake so mai jego ta zauna a ɗaki. Idan da tiyata ta haihu, haɗarin ya ƙaru. A wurin mai ciki ƙafar hagu ce ta fi kamuwa, kuma gudan kan zauna can sama a cinya ko matsematsi, har ƙafar gaba ɗaya ta kumbura.

Sauran abubuwan da ke ƙara haɗari sun haɗa da ciwon daji, ƙiba mai yawa, tsufa, tarin fuka da cutar HIV, ciwon sikila, ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin estirojin, da kuma taɓa yin ciwon a baya ko samunsa a dangi na kusa.

Misali: daga tasha zuwa asibiti

A ƙaddara wata 'yar kasuwa ce mai shekara 38 a Tamale, mai sayar da atamfa. Tana da jiki, nauyinta kilo 80, kuma tana shan ƙwayar tsarin iyali mai estirojin. Ta je Akra sarin kaya, ta dawo a motar dare. Kujerarta ta jikin taga ce, ƙunshin kaya a ƙarƙashin ƙafarta. Ta ƙi shan ruwa don kada fitsari ya matsa mata, da aka tsaya a Kintampo kuma barci take yi, ba ta sauka ba.

Kwana biyu da dawowa sai sha-raɓarta ta hagu ta fara ciwo, kamar an ɗaure tsokar. Ta ɗauka gajiya ce. Aka shafa man zafi, aka gasa da ruwan ɗumi, 'yarta ta yi mata tausa da dare. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. Likitoci suna hana murza ƙafar da ake zargin akwai gudan jini a ciki, don gudun a ɓamɓaro shi, kuma ko bai ɓalle ba an yi asarar kwanakin da ya kamata a fara magani. Ƙaho da tsagar wanzami ma ba sa kaiwa gare shi: jinin da suke fitarwa na fata ne, gudan yana can cikin tsoka.

Akwai awon da za a iya yi a gida da tef ɗin tela. A laluba ƙashin da ya ɗan tsiro a gaban ƙauri, ƙasa da ƙoƙon gwiwa. A auna santimita 10 daga nan zuwa ƙasa, a sa alama a ƙafa biyu, sannan a zagaya tef a wurin. A wurin wannan mata ƙafar dama ta ba da santimita 37, ta hagu 41. Bambancin da ya wuce santimita 3 yana da ma'ana. Amma awon ba ya wanke kowa: akwai masu gudan jini da ƙafarsu ba ta kumbura sosai ba.

A asibiti likita yana da ƙidayar da ake kira ma'aunin Wells, inda kowace alama ke da maki ɗaya. Ciwo idan an danna ta kan hanyar jijiya, maki ɗaya. Bambancin fiye da santimita 3, maki ɗaya. Kumburin da yatsa ke barin rami a ciki a ƙafa ɗaya kawai, maki ɗaya. Nata ya zama 3, kuma daga 2 zuwa sama ana ɗaukar cewa akwai yiwuwar ciwon sosai. Abin lura shi ne ita tafiyar ba ta da maki a ƙidayar, haka ma ƙwayar da take sha, don haka sai mara lafiya ta faɗe su da bakinta. Idan kuma likita ya ga wani ciwon da ya fi kama da abin da ke gabansa, yana cire maki 2.

Masu kama da shi suna da yawa. Ciwon fata na ƙwayoyin cuta yana zuwa da zazzaɓi, fatar ta yi zafi da sheƙi, sau da yawa da wani miki ko tsagewa tsakanin yatsu. Ƙurji a cikin tsoka, yagewar tsoka, da fashewar ƙullin ruwa a bayan gwiwa duk suna kumbura sha-raɓa. Tundurmi, wanda aka sani a sassan arewacin Gana, a hankali yake zuwa cikin watanni da shekaru. Kumburin ƙafa biyu kuma ya fi nuni ga zuciya, ƙoda ko hanta. Wata wahalar ita ce littattafai suna cewa fatar tana yin ja, alhali a baƙar fata jan ba ya fitowa. Abin da ake gani shi ne duhu da sheƙi, hannu kuma ya ji ɗumi idan an kwatanta da ɗaya ƙafar.

Abin da ke raba gardama shi ne hoton sikanin, irin na'urar da ake duba masu ciki da ita. Mai dubawa yana danna jijiyar matsematsi da ta bayan gwiwa da kan na'urar. Jijiya mai lafiya tana lotsewa ta rufe, wadda ke da guda a ciki ba ta lotsewa. Idan hoton bai nuna kome ba amma zargi yana da ƙarfi, akan maimaita bayan kamar mako guda, domin ƙaramin gudan da ke ƙasa yana iya hawowa. Akwai kuma gwajin jini mai suna di-daima. Amfaninsa kore ciwon ne ga wanda makinsa ya yi ƙasa. Yana hawa a ciki, bayan tiyata da lokacin zazzaɓi, saboda haka hawansa kaɗai ba hujja ba ne. Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda ke aiki da Jami'ar Nazarin Ci Gaba, shi ne babban asibitin da ake turo marasa lafiya daga yankunan arewa. Wanda yake nesa, a ƙaramin asibitin da ba a yin hoton, ƙa'ida ita ce idan zargi ya yi ƙarfi a fara allurar magani kafin a tura shi, ba a jira hoto ba.

Idan numfashi ya sarƙe

A ce matar ba ta je asibiti ba. A rana ta biyar ta tashi za ta yi alwala, sai ta ji numfashi ya ƙi isarta, zuciya tana bugu da sauri, gefen ƙirji yana suka duk lokacin da ta ja iska. Abin da ya faru shi ne wani yanki na gudan ya ɓalle, ya bi babbar jijiyar ciki zuwa ɓangaren dama na zuciya, zuciya ta harba shi cikin jijiyoyin huhu, inda hanya ke ƙara tsukewa har ya maƙale. Iska tana shiga huhun, amma jinin da zai ɗauke ta ba ya isa wurin. Idan gudan babba ne, zuciya ta kasa tura jini ta wuce shi, hawan jini ya faɗi, mutum ya yanke jiki. Da yawa daga waɗanda wannan ke kashewa suna rasuwa ne cikin awoyin farko, shi ya sa a gida akan ce lafiyarsa ƙalau ya faɗi.

Alamomin su ne haki ko sarƙewar numfashi da ta zo kwatsam, ciwon ƙirji mai ƙaruwa da jan numfashi, bugun zuciya fiye da 100 a minti ga mutumin da ke zaune, tari wani lokaci da jini, jiri, gumi ko suma. Ba dole su taru ba. Wani abin da zai gani kawai shi ne tafiyar da ya saba yi zuwa masallaci yau ta sa shi tsayawa sau biyu. Wani kuma ya suma na ɗan lokaci ya farfaɗo ya ce ya warke, alhali ƙaramin guda ne ya wuce, babban yana baya. Da yawan masu toshewar huhu ba su taɓa jin ciwon ƙafa ba, don haka ƙafa lafiyayya ba ta kore zancen.

Ana yawan rikita shi da namoniya, asma ko maleriya, musamman a lokacin hunturu da ƙura ta sa kowa tari, kuma zazzaɓi mara ƙarfi yana iya biyo shi. Abin da ke jan hankalin likita shi ne mutum yana haki amma ƙirjinsa ba ya ƙara a abin saurare, hoton ƙirji na yau da kullum ma kusan lafiya. Tabbaci sai da hoton siti-sikan na jijiyoyin huhu. Jimla ɗaya daga bakin dangi tana iya gajarta hanyar: kwanan nan ya dawo daga tafiya, ko ta haihu makonni uku da suka wuce, ko ƙafarsa ta kumbura a makon jiya. Shahararriyar 'yar wasan tanis Serena Williams, wadda ta taɓa yin ciwon a 2011, ita ta gane alamar da kanta bayan ta haihu da tiyata a 2017, ta dage sai da aka yi mata hoton.

A irin wannan hali ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa shagon magani. Kada a bar mara lafiya ya taka da ƙafarsa ko ya tuƙa babur. A ɗauke shi a mota ko a-daidaita, a zaune ko a kishingiɗe yadda numfashi ya fi masa sauƙi, zuwa sashen gaggawa. A Gana lambar kiran gaggawa ita ce 112, ta motar asibiti kuma 193.

Magani da abin da ke ɓata shi

Magungunan da ake bayarwa ana ce musu masu tsinka jini, amma ba narkar da gudan suke yi ba. Suna hana shi girma da hana sabo fitowa, jiki kuma ya cinye tsohon a hankali cikin makonni. Maganin narkarwa kai tsaye na waɗanda hawan jininsu ya faɗi ne kawai, domin yana iya jawo zubar jini mai kisa.

Hanya ɗaya ita ce allurar enoksafarin a ƙarƙashin fatar ciki, miligiram 1 ga kowane kilo, sau biyu a rana. Ga matar misalinmu miligiram 80 ke nan safe da yamma, in dai ƙodarta lafiya. Ana haɗa ta da ƙwayar warfarin na aƙalla kwana 5, har gwajin INR ya shiga tsakanin 2 da 3, sannan a bar allura. Warfarin yana da araha amma yana da rigima: sai an riƙa komawa gwaji, kuma abinci yana taɓa shi. Miyar ayoyo da ake cin tuwon zafi da ita a Tamale, da zogale da sauran ganye, suna ɗauke da bitamin K mai rage masa ƙarfi. Ba a ce a daina ci ba, abin da ake so shi ne a ci daidai yadda aka saba, kada a yi mako ba ganye sannan a yi mako ana ci kullum.

Hanya ta biyu ita ce sababbin ƙwayoyi irin su ribaroksaban, miligiram 15 sau biyu a rana na kwana 21, sannan miligiram 20 sau ɗaya, tare da abinci. Ba sa bukatar gwajin INR amma sun fi tsada, kuma suna iya ƙara yawan jinin al'ada. Mai ciki ba ta shan su, ba ta shan warfarin. Allura ce tata har ta haihu, a ci gaba aƙalla makonni shida bayan haihuwa. Mai shan maganin tarin fuka ya sanar da likita, domin rifamfisin yana karya ƙarfin ƙwayoyin duka biyu. Batun ƙwayar tsarin iyali kuma likita ne zai sauya ta da wata hanyar da ba ta da estirojin.

Mafi ƙarancin lokacin magani wata 3 ne. A nan aka fi faɗuwa: ƙafa ta sace a mako na biyu, kuɗi ya yi wuya, sai a ajiye magani, gudan ya dawo. Ɗaya matsalar ita ce haɗa shi da magungunan ciwon jiki irin su diklofenak, ibufurofen da asfirin da ake saye ba takardar likita, ko jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Baƙin bayan gida, jini a fitsari, haɓo da ya ƙi tsayawa, ko ciwon kai mai tsanani bayan buguwa, duk dalilin komawa asibiti ne nan take. Ƙaho, tsaga da cire haƙori ba a yin su sai da sanin likita. Da zarar an fara magani kuma ba a son kwanciya, tafiya a hankali ta fi. Wasu ƙafar takan ci gaba da nauyi da kumburi shekaru, domin gudan ya lalata marufan jijiya, har gyambo ya fito kusa da idon sawu.

Kafin a hau mota

Rigakafin matafiyi ba shi da tsada. A sauka a taka duk inda mota ta tsaya, ko da barci ake ji. A zaune, a riƙa ɗaga dunduniya da yatsu bi da bi, sau 10 zuwa 20 a kowane rabin awa. A bar wurin ƙafa fili, kaya su tafi but. A sha ruwa, a guji ƙwayar barci. Mai haɗari na musamman, kamar mai jego, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan ko wanda ya taɓa yin ciwon, ya ga likita kafin tafiya. Ana iya ba shi safar matsi ta asibiti mai tsayawa ƙasan gwiwa, wani lokaci da allura guda kafin tashi. Ba a ba da shawarar shan asfirin don tafiya kawai. Bandejin da aka naɗa da hannu kuma ba ya maye gurbin safar, yana iya zama ɗaurin da zai ƙara tsayar da jini.

Ga wanda ke kwance a asibiti, mai jinya yana da hurumin tambayar likita ko an duba haɗarin daskarewar jini, ko kuma akwai bukatar allurar rigakafi. Bayan tiyatar haihuwa ma'aikatan jinya suna matsa wa mace ta tashi ta taka tun a ranar farko ko washegari, kuma dangin da ke cewa a bar ta ta huta ba su san dalilin ba ne. Wanda ba ya iya tashi, a taimaka masa ya riƙa motsa idon sawu da gwiwa a kan gado sau da yawa a yini, a kuma riƙa kwatanta ƙafafunsa biyu duk lokacin da ake masa wanka.